Shafin Darussa a Rahoton Rufe Aiki: Yadda Ake Rubuta Shi don Amfanin Masu Zuwa

Duk aikin da aka yanka wa wa'adi da kasafin kuɗi, ko gina azuzuwa ne, ko haƙa rijiyoyi, ko raba wa manoma injinan ban-ruwa, akwai ranar da ake naɗe tabarmarsa. A ranar ne ake buƙatar rahoton rufe aiki. Rahoton yana faɗin abin da aka yi niyya da abin da aka cim ma, nawa aka karɓa nawa aka kashe, wane kaya ya rage kuma hannun wa aka danƙa shi. Can kusa da ƙarshe sai a tarar da wani sashe da ake kira darussan da aka koya. Sauran sassan duka suna fuskantar baya ne, suna ba wanda ya ba da kuɗi lissafi. Wannan sashen shi kaɗai ne ke fuskantar gaba, domin yana magana ne da mutanen da ba su zo ba tukuna, waɗanda za a ɗora wa irin wannan aiki baɗi ko baɗin baɗaɗa, a wannan gari ko a wani.

Abin takaici, shi ne kuma sashen da aka fi rubutawa a gurguje. Lokacin da aka iso kansa ma'aikata sun fara watsewa, akanta na fama da rasitai, manaja ya gaji. Sai a cike shafin da jimloli irin su "Haɗin kan al'umma na da muhimmanci" da "Ya kamata a riƙa sakin kuɗi a kan lokaci". Babu ƙarya a cikinsu. Amma wanda ya karanta su bai ƙaru da komai ba, tunda ya san haka tun kafin ya buɗe rahoton.

Ma'aunin darasi mai kyau guda ɗaya ne. Idan wanda bai halarci aikin ba ya karanta shi, shin akwai wata shawara da zai yanke dabam da yadda da zai yanke ta? Zai ɗaga wata rana, zai sauya wani sharaɗi a takardar kwangila, zai ƙara wani layi a kasafi, zai gayyaci wanda da ba zai gayyata ba? In amsar a'a ce, to ba a rubuta darasi ba tukuna.

Abin da Fadama ta ɗaya ta bar wa ta biyu

Manoman rani a Najeriya sun san shirin Fadama, kuma tarihinsa misali ne na yadda darasi ke sauya fasalin aikin da ya biyo baya. Zangon farko ya gudana daga 1993 zuwa 1999 da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 67.5, kuma jihohi irin su Kano da Jigawa da Bauchi da Sakkwato da Kebbi ne cibiyarsa. Hankalinsa na kan abu ɗaya: a fito da ruwan da ke kwance kusa-kusa a ƙarƙashin fadama. Aka yi ta kafa rijiyoyin bututu marasa zurfi, aka raba ƙananan injinan fetur. Manomin da a da yake wuni a bakin jigo yana ban-ruwan 'yan kwamai ya samu halin faɗaɗa gonarsa, amfani kuma ya ƙaru.

Da a nan aka tsaya, da an rubuta cewa an yi nasara, an rufe fayil. Amma waɗanda suka auna zangon sun ajiye bayanin inda ya gaza, kuma gazawar ba ta ɓoyu a bayan kalmomi ba. Na farko, shirin ya kalli fadama tamkar ta manomi ce shi kaɗai, alhali makiyayi ma can yake gangarawa da rani neman ɗanyar ciyawa da mashaya, akwai masunta, akwai masu yankan kaba da sauran masu cin abinci a wurin. Da gonaki suka mamaye wuraren da a da ake kiwo, burtali ya ƙuntata, rikici ya ƙaru, shirin kuwa bai tanadi hanyar sasanci ba. Na biyu, an taimaki manomi ya noma da yawa, ba a kula da abin da zai faru bayan girbi ba. Tumatir da tattasai da albasa kan nuna kusan lokaci guda, kasuwa ta cika, kwando ya faɗi warwas, ga rashin hanyar fitar da kaya, ga rashin wurin adanawa ko sarrafawa. Na uku, daga sama ake tsara abin da za a yi, masu fadamar ba su da ta cewa sosai.

Dubi yadda kowane ɗayan ukun ya fito fili a ginin Fadama ta biyu, wadda ta fara a 2004 da dala miliyan 100 daga Bankin Duniya a jihohi goma sha ɗaya da Birnin Tarayya, Bankin Raya Afirka kuma ya ɗauki wasu jihohi shida. Aka buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin duk masu amfani da fadama, manoma da makiyaya da masunta da mafarauta da mata masu sarrafa amfanin gona. Ƙungiyoyin yanki ɗaya su haɗu a inuwa guda su rubuta tsarin raya yankinsu, kuma abin da ke cikin tsarin ne ake ba kuɗi. Aka ware kuɗi don hanyoyin karkara da kwalbatoci da rumfunan kasuwa da mashayar dabbobi, aka saka sasanta rikici cikin aikin. Wannan ne darasi mai amfani: kana iya ɗora yatsa a kan layin da ya sauya a sabon tsari, ka ce ga gazawar da ta haife shi.

Zango na biyun ma ya koyi nasa tun yana tafe. Da farko an ce ƙungiyar da ke son kayan aiki ta biya kashi 40 cikin ɗari na kuɗinsu. Da aka ga masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda dominsu aka yi shirin, sun kasa kaiwa, sai aka rage zuwa kashi 30. Wanda zai tsara irin wannan shiri gobe, wannan adadin ya fi masa amfani fiye da shafi guda na kiran a tausaya wa talakawa.

Darasi ɗaya, daga tushe har ganye

Don a ga yadda ake gina darasi ɗaya-ɗaya, bari mu ƙaddara wani ƙaramin aiki. Aikin da alƙalumansa ƙage ne domin misali, amma matsalar sananniya ce ga duk wanda ya yi noman rani. An ba wata ƙungiya kuɗi ta kafa rijiyoyin bututu 40 a wata fadama, kowace da injinta. An kafa su duka a watan Nuwamba, duka suka ba da ruwa, aka yi bikin ƙaddamarwa. Zuwa tsakiyar Maris, daidai lokacin da shuka ta fi buƙatar ruwa, 14 daga ciki suka daina aiki.

Ga yadda aka saba rubuta wannan a shafin darussa: "An fuskanci ƙalubalen ƙarancin ruwa a wasu rijiyoyi sakamakon yanayi. Ya kamata a inganta bincike kafin haƙa."

Jimlar farko ta ɗora laifi a kan yanayi, wanda ba zai iya kare kansa ba. Ta biyun ba ta faɗi wane bincike ba, wa zai yi shi, a wane wata. Wanda ya gaji aikin zai karanta ya gyaɗa kai, ya sake haƙa a Nuwamba.

Mai son rubuta na gaskiya yana farawa ne da komawa fadamar ya ga rijiyoyin da idonsa, ya tambayi masu su yadda abin ya fara. Za su gaya masa cewa injin ya soma shan iska yana tofo ruwa a yanke-yanke, sai an yi ta ɗura masa ruwa kafin ya kama, daga baya ma ya ƙi kamawa sam. Sai ya zura igiya mai ɗan nauyi a bakinta cikin kowane bututu, ya auna inda ruwa ya tsaya. A nan zai gane cewa matsala biyu ce, ba ɗaya ba. Injin da ke zaune a bisa ƙasa yana zuƙo ruwa ba ya iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa, domin nauyin iska ne ke tura ruwan sama cikin mesa, shi kuwa yana da iyaka. A rijiyoyi 9 ruwan na nan cikin bututu, ya dai sauka ne ƙasa da inda injin zai iya kaiwa. Wasu manoman ma sun riga sun gano maganin da kansu: sun haƙa rami kusa da tsayin mutum a jikin rijiyar, sun saukar da injin ciki, ruwa ya dawo. A sauran 5 kuwa ruwan ya sauka har ƙasa da ƙarshen bututun. Waɗannan babu ramin da zai cece su, sai an sake haƙawa.

Daga nan sai tambayar me ya sa, kuma ba a tsayawa a amsar farko. Me ya sa bututun ya gaza? Domin an tsayar da zurfinsa bisa ruwan da aka tarar a Nuwamba, bayan damina, lokacin da ƙasa ke ƙoshe. Me ya sa ɗan kwangila ya tsaya a nan? Domin takardar kwangila ta ce za a biya shi da zarar rijiya ta fitar da ruwa, ba ta ambaci zurfi ba. Me ya sa ba a ambaci zurfi ba? Domin babu wanda ya auna ruwan fadamar a bazarar da ta gabata, ba a kuma tambayi masu ginin rijiya na garin ba, su da suka san inda ruwa ke sauka kowace shekara. Me ya sa aka yi gaggawa? Domin kuɗin ya iso a Oktoba da sharaɗin a kashe shi kafin ƙarshen Disamba. Sai kuma a duba taswira a ga cewa duka 14 ɗin a gefen tudu suke, na kusa da gulbi 26 lafiyarsu ƙalau.

Yanzu ana iya rubuta darasin kamar haka:

"Mun kafa rijiyoyi 40 a Nuwamba, muka tsayar da zurfinsu bisa ruwan da muka tarar a lokacin. Zuwa tsakiyar Maris 14 sun daina aiki, dukansu a gefen tudu na fadamar. A guda 9 ruwa ya sauka ƙasa da inda inji ke iya zuƙowa, kuma saukar da injin cikin rami ya gyara su. A guda 5 bututun ne ya gaza, sai an sake haƙawa, kuma masu su sun yi asarar shukar wannan rani. Dalili shi ne ba mu auna ruwan bazara ba, kwangilarmu kuma ta biya a kan fitowar ruwa, ba a kan zurfi ba. Mun yi haka ne don wa'adin kashe kuɗin ya ƙare a Disamba. Shawararmu: a auna zurfin ruwa a rijiyoyin da ke wurin a watan Afirilu ko Mayu kafin a ba da kwangila. A rubuta mafi ƙarancin zurfi cikin kwangilar bisa wannan awo. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai an gwada rijiyar da bazara. Idan kuɗi ya iso a makare, a nemi ɗage wa'adi a rubuce tun ranar da ya iso. Alamar farko ita ce inji ya riƙa shan iska. Da an ga haka a auna ruwa kafin a kira makaniki. Wannan darasi ya shafi rijiyoyi marasa zurfi masu inji a bisa ƙasa. Bai shafi burtsatse mai famfo a cikin ruwa ba."

Sakin layi ɗaya ne, amma ya ɗauki duk abin da magaji ke buƙata: abin da aka yi, abin da ya faru da adadinsa da watansa, dalilinsa, abin da ya jawo na asara, abin da za a yi, alamar da za a gani da wuri, da iyakar inda darasin ya tsaya. Lura kuma mutum uku ya yi wa magana. Injiniya ya ji nasa, mai rubuta kwangila ya ji nasa, mai riƙe da kuɗi ma ya ji nasa. Rubutun farko mai laifta yanayi bai kai ga ko ɗayansu ba.

Jimla biyun ƙarshe, masu shata iyaka, sun cancanci a tsaya a kansu. Darasin da ba a faɗi iyakarsa ba yakan rikiɗe ya zama doka, a riƙa ɗora shi inda bai dace ba. Wani zai karanta ya hana haƙa kowace irin rijiya sai bazara, har da burtsatse mai zurfi da watan haƙa ba ya shafarta sosai, ya jinkirta wa jama'a ruwan sha wata biyar ba gaira ba dalili. Faɗin inda darasi bai shafa ba yana cikin gaskiyarsa.

Gaskiya da abin da ke hana ta

Mutane ba don mugunta suke rubuta darussa marasa gishiri ba. Tsoro ne. Manaja na tunanin in ya ce rijiya 14 sun ƙafe, mai ba da kuɗi ba zai sake ba su wani aiki ba. Ƙaramin ma'aikaci ya san inda aka kauce, amma faɗinsa tamkar nuna wa maigidansa yatsa ne. Akwai kuma kunya da kara, tunda wanda ya yi kuskuren abokin zama ne, gobe ma tare za a ci abinci. Duk wanda zai nemi gaskiya a wannan shafi sai ya san waɗannan, ya yi musu tanadi.

Babban tanadi shi ne a rubuta shawarar da aka yanke da abin da aka sani a lokacin yanke ta, a bar sunan mutum. Darasin da ke sama bai ce wane ne ya rubuta kwangilar ba, domin sunansa ba zai amfani magaji da komai ba. Abin da zai amfane shi shi ne sanin cewa mutum mai hankali, wanda wa'adi ya matsa wa kuma ba shi da awon bazara a hannu, haka zai yi. In akwai wanda ya ci amana ko ya karkatar da kuɗi, wannan yana da nasa zauren, na masu binciken kuɗi da na ladabtarwa. Idan aka cakuɗa shi da shafin darussa, kowa zai kama bakinsa, a rasa duka biyun.

Amma barin suna ba lasisin ɓoyewa ba ne. Akwai wani salon rubutu da ake fakewa da shi, inda komai ke faruwa da kansa: an samu jinkiri, an fuskanci ƙalubale, an ci karo da tangarɗa. Gyaransa shi ne "mun". Mun ba da kwangila ba tare da awo ba. Mun ga alamar a Fabrairu, muka ɗauka injinan ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, rahoton rufewa kuwa ita ce ranar.

Akwai wata alamar da mai karatu zai gane rahoton da ya kauce. Idan duk darussansa laifin wasu ne, mai ba da kuɗi ya makara, ɗan kwangila ya yi ha'inci, jama'a ba su waye ba, damina ta zo da wuri, to marubucin ya taka nasa tudun ne yana hango na wasu. Jinkirin kuɗi abu ne da ke faruwa da gaske, kuma a faɗe shi. Sai dai magaji ba shi da iko a kan ranar da kuɗi zai iso. Yana da iko a kan abin da zai yi ranar da ya iso a makare, kuma wannan ne ya kamata darasin ya koya masa.

Gaskiya ta haɗa da raba abin da aka auna da abin da ake zato. In an zura igiya a rijiya 14, a ce an auna. In wani dattijo ne ya ce tun da aka gina madatsa a sama ruwan fadamar ke ja da baya, a rubuta cewa faɗarsa ce, ba a gwada ba, amma ya dace masu zuwa su bincika. Zato da aka yi wa rigar tabbas na iya tura ayari guda hanyar da ba ta ɓullewa.

Haka kuma nasara tana buƙatar irin wannan binciken. Rijiyoyi 26 da suka tsira ba gwaninta ce ta tsirar da su ba, kusancin gulbi ne. In aka rubuta cewa dabarar haƙar ta yi aiki a mafi yawan wurare, an ruɗi na baya. Ramin da manoma suka haƙa wa injinansu kuwa nasara ce ta gaske, mai arha, kuma ba daga ofis ta fito ba. A rubuta ta da zurfinta da yadda aka tokare bangonta, a kuma faɗi cewa dabarar manoman ce.

Saboda sanin cewa mai aiki ba ya iya zama alƙalin kansa, Bankin Duniya na buƙatar rahoton kammalawa cikin wata shida da rufe aiki, sannan wani sashe mai zaman kansa, wanda ba ya ƙarƙashin masu gudanar da ayyuka, ya sake duba rahoton ya auna ingancinsa. Ƙaramar ƙungiya ba ta da irin wannan sashe, amma tana iya miƙa daftarin ga wanda bai yi aikin ba, ta ce masa ya karanta ya faɗi abin da zai yi dabam. In ya rasa abin faɗa, a koma a gyara.

Yaushe ake tarawa, ina ake ajiyewa

Ba a makon ƙarshe ake neman darussa ba. Zuwa lokacin an manta ranaku, injiniyan da ya san zancen ya koma wani aiki, labarin kuma ya riga ya sha gyara a bakin mutane. Abin da ya fi shi ne littafi ɗaya ko fayil ɗaya da aka buɗe tun ranar farko. Duk lokacin da wani abu ya saɓa wa tsari, a rubuta layi uku ko huɗu: kwanan wata, abin da aka zata, abin da ya faru, abin da aka yi. A ƙarshen kowane zango, bayan haƙa, bayan rabon injina, bayan girbin farko, a zauna na awa ɗaya a bi littafin.

Wanda aka gayyata zaman ya fi tsawon zaman muhimmanci. Direba ya san watan da hanya ke yankewa. Mai kula da sito ya san wane kaya ne ya zo a lalace. Malamin gona ya san ƙungiyar da ta wanzu a takarda kawai. Irin waɗannan ba za su buɗe baki a gaban shugaba ba, don haka a ji su su kaɗai tukuna, ko a bar manya su yi magana a ƙarshe. Su ma masu cin gajiyar a je musu har inda suke, mata a nasu zaman, makiyaya ta hannun arɗonsu. Tambayar "Kun ji daɗin aikin?" ba ta haifar da komai sai godiya da addu'a. A tambaye su: "Da za a sake daga farko, me za ku ce a fara yi?" da kuma "Wane abu kuka gyara da kanku?"

Bayan an tara, sai tacewa. Darasi talatin a jere ba mai karanta su. A zaɓi biyar ko shida da suka fi cin kuɗi, ko lokaci, ko amincin jama'a, waɗanda kuma ake kyautata zaton za su sake faruwa. A jera su bisa lokacin da magaji zai buƙace su: na tsarawa a gaba, sai na kwangila da saye, sai na gudanarwa, sai na miƙa aiki. Kowanne a sa masa kai mai ɗauke da saƙon gaba ɗaya. "Batun rijiyoyi" ba kai ba ne. "A auna ruwa da bazara kafin a tsayar da zurfin rijiya" shi ne kai, domin ko shi kaɗai mutum ya karanta ya tafi da abin amfani.

Saura mataki ɗaya da aka fi tsallakewa. Rahoton rufewa kan ƙare ne a kabad ko a wata kusurwar kwamfuta, sabon ayari kuwa ba shi yake buɗewa ba ranar da ya kama aiki. Tsohuwar takardar kwangila yake ɗaukowa ya kwafa, da tsohon kasafi, da tsohon jadawali. Saboda haka darasin ya bi su can. Kafin a rufe ofis, a gyara samfurin kwangilar, a saka sharaɗin zurfi da kason da za a riƙe. A saka awon ruwa a jadawalin Afirilu. A ƙara layin kuɗinsa a samfurin kasafi. A ƙarƙashin kowane darasi a rahoton a rubuta wace takarda aka gyara, wane ofis ne ya ɗauki nauyin abin da ya rage, da inda aka ajiye awon da taswirar. Wannan ne abin da ya faru tsakanin Fadama ta ɗaya da ta biyu: darasin makiyayi ya zama gurbi a ƙungiya da kaso a kasafi, ba a bar shi ga tunawar wani ba.

Mutanen da za su karanta wannan shafi ba za su iya kiran marubucin su tambaye shi me yake nufi ba, kuma kuɗin da za su kashe da ranin da za su sa a gaba na jama'a ne. Asarar da aka yi a aikin da ya ƙare an riga an biya ta. Hakkin waɗanda suka biya shi ne kada wani ƙauye ya sake biyan irinta, kuma wanda aka ba alƙalamin rufe aiki shi ke riƙe da wannan amana.